Asusun ƙira na masana'antar benci: ina naira 920,000 ta ɓuya?

Ummulkhairi:
Assalamu alaikum malamai da yayye. Don Allah a duba min wannan tambayar ta asusun ƙira, irin wadda ake kawowa a WAEC da NECO. Na yi ta sau biyu, amsata ta ƙi zuwa daidai da ta malaminmu. Wata masana'anta ce mai ƙera bencin makaranta, shekararta ta ƙare 31 ga Disamba 2023. Duk kuɗin naira ne.

Kayan farkon shekara: ɗanyen kaya 1,200,000, benci masu rabin aiki 850,000, gamammun benci 2,100,000.
Kayan ƙarshen shekara: ɗanyen kaya 1,550,000, masu rabin aiki 1,100,000, gamammu 1,900,000.
Sayen ɗanyen kaya 14,600,000, wanda aka mayar wa dillali 400,000.
Dakon shigo da katako 350,000, dakon kai benci ga masu saye 420,000.
Ladan kafintoci 5,800,000. Albashin shugaban ma'aikata da masu shara na masana'anta 1,320,000. Albashin ofis 1,900,000.
Kuɗin haƙƙin mai zanen bencin 300,000.
Samfefa da man inji 280,000. Gyaran injina 450,000.
Wuta da dizal 2,400,000. Haya 1,500,000.
Injina an saye su 8,000,000, darajar da aka riga aka zabge musu a shekarun baya 2,000,000.
Ciniki 34,000,000.

Ƙarin bayani: kafintoci suna bin bashin 200,000. A cikin haya akwai 300,000 ta shekara mai zuwa. Kashi uku cikin huɗu na wuta da dizal na masana'anta ne, haya kuma biyu cikin uku. A cire tsufan injina kashi 15 cikin ɗari a kan ragowar darajarsu. An gama benci 2,000.

Ana son firam kos, wato kuɗin da ya shiga benci kai tsaye, da jimlar obahed na masana'anta, wato sauran kuɗin tafiyar da ita, da kuɗin kayan da aka gama ƙerawa. Ni na samu 20,420,000, da 6,050,000, da 26,720,000. Malam ya ce amsar ƙarshe 25,800,000 ce. A firam kos kuwa ya ce na kusa, 80,000 kawai na rasa, shi ya sa nake ganin kuskurena ɗan ƙarami ne a can.

Malam Sani Akawu:
Wa alaikumus salam. Ummulkhairi, wannan 80,000 ɗin kada ta kwantar miki da hankali. Na bi lambobinki, kuskure uku ne suka rufa wa juna asiri a wurin. Bari mu fara da ɗanyen kaya, don a nan aka fara kauce hanya.

Abin da ake nema shi ne kuɗin katakon da aka ci a cikin shekarar, ba wanda aka saya ba. An wayi gari ran 1 ga Janairu da na 1,200,000 a sito. An sayo na 14,600,000, aka mayar da na 400,000, saura 14,200,000. Kuɗin motar da ta kawo katakon ƙofar masana'anta, 350,000, yana cikin tsadar katakon, domin katakon da ke kasuwa ba shi da amfani ga kafinta sai ya iso hannunsa. Idan kin haɗa ukun za ki ga 15,750,000. Ki cire wanda ya kwana a sito ran 31 ga Disamba, 1,550,000. Abin da aka ci shi ne 14,200,000.

Ke kuma kin samu 14,620,000, ko ba haka ba? Kin zuba dakon kai benci ga masu saye, 420,000, a kan dakon shigowa. Wancan dakon ana biyansa ne bayan benci ya gama zama benci. Ba ya ƙara masa ko ƙusa ɗaya. Kuɗin sayarwa ne, wurinsa asusun riba da asara. Duk sanda kika ga dako biyu a tambaya, ki tambayi kanki ina motar ta dosa: ciki ko waje.

Ummulkhairi:
Haka ne Malam, 14,620,000 na rubuta. Na ga duka dako ne sai na haɗa su. Sauran biyun fa?

Bashir Ɗan Kadpoli:
Bari in ɗan rage wa Malam aiki. Ƙanwata, ladan kafintoci kin ɗauki 5,800,000 yadda yake, kin manta da ƙarin bayani. Sun yi aikin 200,000 ba a biya su ba tukuna, amma aikin yana jikin bencin bana, don haka ladan shekarar 6,000,000 ne. Na uku, kuɗin mai zane 300,000 kin kai shi obahed. Raba shi da benci 2,000 ki gani, naira 150 ce a kan kowane benci. Abin da za ki iya nuna wa da yatsa ki ce wannan bencin ne ya jawo shi, to firam kos ne. Kin ƙara 420,000, kin rage 200,000, kin rage 300,000, shi ne ya bar miki giɓin 80,000.

Amma ni ina da ja a kan dizal. Injin yanka da na goge katako ba sa motsi sai da shi. In babu dizal babu benci. Me zai sa a ce ba kuɗin kai tsaye ba ne? Da ni ne zan sa 1,800,000 ɗin masana'anta a firam kos, ya zama 22,300,000.

Malam Sani Akawu:
Bashir, biyun farko ka faɗi daidai. A dizal ne muka rabu. Ma'aunin ba shi ne "in babu shi aiki zai tsaya" ba. In da haka ne, haya ma sai ta shiga, tunda in babu rumfa babu inda za a yi aikin, haka mai gadi. Ma'aunin shi ne ko za a iya bin sawun kuɗin har zuwa kan benci guda ba tare da rabo na ƙiyasi ba. Katako ana iya aunawa, a ce benci ɗaya ya ci falanki kaza. Kafinta ana iya biyansa a kan benci ko a kan awannin da ya yi. Janareta kuwa da an tayar da shi yana ba injin yanka wuta, yana ba fitilu, yana ba fankar ofis, kuma ranar da aka yi benci biyar da ranar da aka yi goma shan mansa ba ya ninkawa. Ita kanta tambayar ta ba ka amsa: duk kuɗin da aka ce a raba shi uku cikin huɗu tsakanin masana'anta da ofis, ai an riga an gaya maka ba a san takamaiman wanda ya ci shi ba.

Don haka firam kos: 14,200,000 da 6,000,000 da 300,000, jimla 20,500,000.

Bashir Ɗan Kadpoli:
Na ji hujjar rabon. Sai dai Malam, ko a sama na sa dizal ko a ƙasa, jimlar ƙarshe ba ta canzawa. To mene ne abin damuwa?

Hajiya Rabi Odita:
Jimlar ƙarshe ba ta canzawa, gaskiya ne, amma an tambayi lambobi uku, kai kuma ka ɓata biyu. Wannan a jarrabawa ke nan. A wurin aiki abin ya fi haka. Mai masana'anta da zai ba da farashin sabuwar kwangila yana lissafa katako da ladan kafinta kai tsaye, sannan ya ɗora obahed a kai da wani kaso da ya samo daga asusun bara. In ka kwashe 1,800,000 daga obahed ka kai sama, kason da zai ɗora ya ragu da kusan sulusi, kuma ba zai tuna ya sa dizal a lissafin katako ba. Sai ya karɓi aiki a farashin da bai biya wuta ba.

Ummulkhairi, ɗauko obahed ɗinki. Ta yaya kika fitar da haya?

Ummulkhairi:
Hajiya, na ɗauki biyu cikin uku na 1,500,000, ya ba ni 1,000,000, sai na cire 300,000 ta shekara mai zuwa, saura 700,000.

Hajiya Rabi Odita:
To nan ne. Kin yi rabo kafin gyara. Ita 300,000 ɗin da aka biya gaba ta ginin ce gaba ɗaya, da ɓangaren masana'anta da na ofis. Da kika cire ta duka daga kason masana'anta, kin bar ofis da 500,000, kamar shi ba a biya masa komai gaba ba. Fara gano hayar shekarar tukuna: 1,500,000 a cire 300,000, saura 1,200,000. Yanzu ki raba. Masana'anta 800,000, ofis 400,000. Hanyar gane ko kin yi daidai mai sauƙi ce: haɗa kason biyu, ki ga ko sun tsaya a biyu da ɗaya. 800,000 ninkin 400,000 ne. 700,000 da 500,000 kuwa ba biyu da ɗaya ba ne.

Wuta da dizal ba su da bashi ko biyan gaba, shi ya sa 1,800,000 ɗinki ta fito daidai.

Sai tsufan injina. Daga jimlarki na gane 1,200,000 kika sa, wato kashi 15 na 8,000,000. Da an ce a kan kuɗin saye, da kin ci. Amma an ce a kan ragowar daraja. An riga an zabge 2,000,000 a shekarun baya, abin da ya rage a littafi 6,000,000 ne, kashi 15 ɗinsa 900,000. Ki kuma lura, ita 2,000,000 ɗin ba ta shiga asusun ƙira ko kaɗan, an riga an caje ta a shekarunta. Amfaninta a nan kawai ta kai ki ga 6,000,000.

Obahed ɗin ke nan: shugaban ma'aikata da masu shara 1,320,000, samfefa da man inji 280,000, wuta da dizal 1,800,000, haya 800,000, gyaran injina 450,000, tsufan injina 900,000. Jimla 5,550,000. Albashin ofis 1,900,000 ba ya leƙowa nan.

Kabiru Gwale:
Ni fa 26,000,000 na samu a amsar ƙarshe, kuma firam kos da obahed ɗina sun yi daidai da na su Malam. Ina ga malamin Ummulkhairi ne ya manta da gamammun benci. Akwai na 2,100,000 a farko, akwai na 1,900,000 a ƙarshe, dole a haɗa a cire kamar yadda aka yi wa katako.

Malam Sani Akawu:
Kabiru, lissafinka ba shi da aibi, sai dai wata tambayar ka amsa. 26,000,000 kuɗin bencin da aka sayar ne. An tambaye mu kuɗin bencin da aka gama ƙerawa. Gamammun benci na farkon shekara, bara aka ƙera su, asusun ƙira na bara ya riga ya sallame su zuwa sito. Ba su koma hannun kafinta ba, don haka ba ruwan asusun ƙira na bana da su. Wurinsu asusun ciniki: 2,100,000 a haɗa da 25,800,000 da masana'anta ta miƙo, a cire 1,900,000, shi ne 26,000,000 ɗinka. In ka cire shi daga ciniki 34,000,000, riba kafin a cire kuɗin ofis da na sayarwa 8,000,000 ce.

Kaya kala uku ne, kowanne da mazauninsa. Ɗanyen kaya can sama, kafin firam kos. Masu rabin aiki a ƙasan asusun ƙira. Gamammu a asusun ciniki.

Yanzu mu zo kan masu rabin aikin, don a nan Ummulkhairi ta yi asara mafi girma. Firam kos 20,500,000 da obahed 5,550,000 sun ba mu 26,050,000. Wannan shi ne duk abin da masana'anta ta ci a cikin wata goma sha biyun nan. Amma ba shi ne kuɗin benci 2,000 da suka fita ba, saboda dalili biyu.

Na farko, ran 1 ga Janairu akwai bencin da aka tarar a ƙasa, an yanka, wasu an harhaɗa, ba a goge ba, ba a yi fenti ba. Kuɗinsu 850,000 bara aka kashe shi, ba ya cikin 26,050,000. Bana aka ƙarasa su, suna cikin 2,000 ɗin nan. Tunda an ƙirga su, dole a ƙirga abin da suka ci tun bara. Shi ya sa ake haɗawa: 26,900,000.

Na biyu, ran 31 ga Disamba akwai wasu a ƙasa da ba a ƙarasa ba. Sun ci katakon bana da ladan bana, kuɗinsu 1,100,000 yana cikin 26,050,000, amma su ba sa cikin 2,000. Tunda ba a ƙirga su ba, dole a fitar da abin da suka ci. 26,900,000 a cire 1,100,000, saura 25,800,000.

Ga shi a jere:

```
Ɗanyen kayan da aka ci        14,200,000
Ladan kafintoci                6,000,000
Haƙƙin mai zane                  300,000
Firam kos                     20,500,000
Obahed na masana'anta          5,550,000
                              26,050,000
+ rabin aiki na farko            850,000
- rabin aiki na ƙarshe         1,100,000
Kuɗin kayan da aka gama       25,800,000
```

Kowane benci ya tashi a kan 12,900.

Ummulkhairi:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni juyawa na yi, na haɗa na ƙarshe na cire na farko, don na ɗauka na farkon na bara ne, bai kamata ya shigo bana ba. Amma bambancinsu 250,000 ne kawai, ta yaya ya zama kuskurena mafi girma?

Hajiya Rabi Odita:
Saboda juyawa tana ninka kuskure. Kamata ya yi ki sauka da 250,000, sai kika hau da 250,000, tsakaninsu 500,000. Bi sawun duka 920,000 ɗin ki gani. Dakon fita ya ƙara miki 420,000. Bashin kafintoci ya rage 200,000. Haya ta rage 100,000. Tsufan injina ya ƙara 300,000. Juya rabin aiki ya ƙara 500,000. Haɗa masu ƙari, 1,220,000, cire masu ragi, 300,000, saura 920,000 cif. Kuɗin mai zane bai fito a nan ba domin wuri kawai ya sauya, daga sama zuwa ƙasa.

Akwai wata dubawa ta minti ɗaya kafin ki miƙa takarda. Idan rabin aikin ƙarshe ya fi na farko yawa, ma'ana masana'anta ta fara fiye da abin da ta gama, to amsarki ta ƙarshe dole ta gaza jimlar firam kos da obahed. Naki ya haura, 26,720,000 a kan 26,470,000. Da kin duba wannan da kin kama shi da kanki.

Nura Mai Biredi:
A gafarce ni, ni ba ɗalibi ba ne, gidan biredi nake riƙe wa littafi. Mu ba mu taɓa rubuta wani rabin aiki ba. Fulawa, sukari, yis, bota, itace, ladan yara, shi ke nan. Kuskure muke yi ke nan? Sannan ledar da muke sa biredi a ciki, sama take ko ƙasa?

Malam Sani Akawu:
Ba kuskure ba ne Malam Nura. Kwaɓin da aka yi da dare, kafin gari ya waye ya zama biredi. In ka rufe littafi bayan an kwashe gashin ƙarshe, babu abin da ya rage a tsakani, don haka firam kos da obahed su ne amsarka kai tsaye. Ko da kwaɓi ɗaya ya kwana, kusan irinsa ne ya kwana a farkon shekara, sai su kashe juna. Inda abin ke da nauyi shi ne sana'ar da kaya ke daɗewa a hanya, kamar masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa a Kano, inda fata ke bi ta jiƙo, da cire gashi, da jima, da rini, da busarwa. Duk ranar da ka shiga za ka tarar da kuɗi mai yawa kwance a matakai daban-daban.

Leda kuwa, kowane biredi da tasa, kuma ba ya fita kasuwa sai da ita, don haka ka sa ta cikin kayan kai tsaye tare da fulawa. Itacen gashi shi ne ɗan'uwan dizal ɗin Bashir, obahed ne. Man motar da ke raba biredi shaguna kuma shi ne dakon fitarku, kada ya shiga kuɗin gashi.

Bashir Ɗan Kadpoli:
Saura abu ɗaya da bai kwanta min ba. Mu an koya mana a gyara rabin aiki tun a sama, kafin a ja layin firam kos. In aka yi haka, 20,500,000 a haɗa 850,000 a cire 1,100,000, firam kos ya zama 20,250,000. A ɗora 5,550,000, a dawo 25,800,000 ɗin dai. To wanne ne firam kos na gaskiya, 20,500,000 ko 20,250,000?

Malam Sani Akawu:
Abin da aka koya maka yana da wurinsa, amma da sharaɗi. Ya danganta da abin da ke cikin ita 1,100,000 ɗin. In tambaya ta ce an ƙiyasta rabin aiki a kan firam kos, wato katako da lada kawai aka lissafa masa, to a sama ake gyara shi, yadda ka yi. In ta ce a kan kuɗin masana'anta, ko ta yi shiru kamar wannan, ana ɗauka akwai kason obahed a ciki, sai a gyara shi a ƙasa bayan an haɗa obahed. Dalilin a fili yake: ba za ka cire lambar da ke ɗauke da haya da dizal daga jimlar da babu haya da dizal a cikinta ba. A wannan tambayar ni 20,500,000 zan rubuta.

Bashir Ɗan Kadpoli:
Amma Malam, shirun tambaya ba hujja ba ce. Ƙananan masana'antu da yawa katako da lada kawai suke ƙirgawa a rabin aiki, don shi ne abin da suke iya gani. Ina ganin ɗalibin da ya yi ta sama ya rubuta dalilinsa a ƙasa bai kamata a kayar da shi ba.

Hajiya Rabi Odita:
A kan abin da ƙananan masana'antu ke yi, Bashir bai yi ƙarya ba. Amma ƙa'idar IAS 2, wadda ta shafi ƙimar kayan sito, ta ce kuɗin kaya ya haɗa da kuɗin sarrafa su, kuma a cikin kuɗin sarrafawa akwai kason obahed na masana'anta, mai canzawa da marar canzawa. Kuɗin sayarwa da na ofis da ba su taimaka wajen ƙira ba ne ta fitar. Shi ya sa in aka yi shiru ake komawa ga cikakken kuɗin masana'anta.

Bari in nuna yadda ake samo irin wannan 1,100,000 ɗin, don a tambaya ana miƙo ta ne kawai kamar daga sama ta faɗo. Ranar rufe littafi ana shiga da takarda a ƙirga. A ce an tarar da benci 110 an yanka an harhaɗa, saura gogewa da fenti. Katakonsu ya riga ya shiga duka. In ka raba 14,200,000 da 2,000, katakon benci ɗaya wajen 7,100 ne. Ladan kafinta wajen 3,000 ne a benci, obahed wajen 2,775, jimla 5,775. Shugaban ma'aikata ya ce aikinsu ya kai rabi, sai a ba su rabin wannan, kusan 2,900. Kowanne ya tashi 10,000, sau 110, ga 1,100,000. Ƙiyasi ne, tunda rabawa da 2,000 ba ta yi la'akari da su kansu marasa ƙarasuwar ba, amma kun ga akwai haya da dizal a cikinta. Ba a sa musu 150 ta mai zane ba, bisa ɗaukar cewa sai benci ya kammala ake biyanta.

Wurin da ake samun matsala shi ne kalmar "rabi". Mutum ɗaya ne ya duba ya faɗa. In ya ce kashi 80 cikin ɗari maimakon 50, kowane benci ya ƙaru da wajen 1,700, rabin aikin ƙarshe ya hau da kusan 190,000, kuɗin kayan da aka gama ya sauka da haka, riba ta kumbura alhali ba a sayar da ƙarin benci ko ɗaya ba. Baɗi kuma wannan lambar ce za ta zama ta farkon shekara, a haɗa ta, ribar baɗi ta ragu da abin da aka ƙara wa ta bana. Don haka mai binciken littafi ba ya tsayawa ga takardar ƙirga. Yana duba watan Janairu ya ga kwana nawa da lada nawa aka ƙara kashewa kafin waɗannan 110 ɗin su fita. In an ce saura kaɗan amma suka ci sati uku, to ba saura kaɗan ba ne.

Kabiru Gwale:
Na gane nawa kuskuren, na gode. Tambaya ɗaya: ƙusa da gam fa? Suna jikin bencin, ana iya ganinsu, amma na taɓa ganin an sa su tare da samfefa.

Malam Sani Akawu:
In tambaya ta kira su ɗanyen kaya, bi ta. In ta jera su da man inji a matsayin ƙananan kayan aiki, obahed ne. A masana'anta kuma abin da ke yanke hukunci shi ne ko bin sawunsu ya biya wahalarsa. Ba wanda zai zauna yana ƙirga ƙusar benci ɗaya ko ya auna gam da cokali, shi ya sa ake zuba su a obahed duk da suna jikin kayan. Amma fentin benci 2,000 ko ƙarfen ƙafafunsu kuɗi ne mai kauri, kuma an san abin da kowane benci ke ci, waɗannan sama suke.

Nura Mai Biredi:
To garin katakon da masu kaji ke saye don shimfiɗa fa? Mu ma muna sayar da buhunan fulawa da suka ƙare. A ina kuɗin ke shiga?

Hajiya Rabi Odita:
Kada dai ka haɗa shi da ciniki, don ba shi ne sana'ar ba. Ni ina cire shi daga kuɗin ɗanyen kaya, tunda daga jikin katakon ya fito, buhun ma da fulawar aka saye shi. In garin katako ya kawo 60,000 a wannan tambayar, ɗanyen kaya ya koma 14,140,000, firam kos 20,440,000.

Malam Sani Akawu:
A nan ni da Hajiya mun ɗan saɓa. Ni a ƙasa nake cire shi, daga jimlar kuɗin masana'anta, domin garin da aka share daga ƙasa ba a san na wane benci ba ne, kuma ba na son abin da ba a iya bin sawunsa ya taɓa firam kos. Ta kowace hanya amsar ƙarshe 25,740,000 za ta zama. Ummulkhairi, in irin wannan ta zo muku, tambayi malaminku wacce yake bi, kuma ki rubuta layin a fili da sunansa don mai duba takarda ya ga inda kika cire shi.

Ummulkhairi:
Zan tambaye shi gobe in sha Allah. Na sake yin ta daga farko ba tare da na kalli taku ba, na samu 20,500,000, da 5,550,000, da 25,800,000. Tambayar da ke biye da ita a takardar ta ce a miƙa kayan ga sito da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin ƙira. Na samu 28,380,000, ribar masana'anta 2,580,000. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan yi da gamammun bencin da ba a sayar ba, tunda yanzu akwai riba a cikin kuɗinsu.

Hajiya Rabi Odita:
Lambobinki biyu daidai ne. Kafin a taɓa gamammun sai mun san ko 2,100,000 da 1,900,000 an rubuta su a kan kuɗin ƙira ne ko a kan farashin miƙawa, kuma ko akwai wani tanadi da aka ajiye tun bara. In a farashin miƙawa suke, ribar da ke ciki kashi 10 cikin 110 ce, ba 10 cikin 100 ba. Turo ƙarin bayanin tambayar yadda aka rubuta shi, kalma da kalma.